Rumfar Zaɓe a Cikin Aji: Koyar da Jefa Ƙuri'a ta Hanyar Wasan Kwaikwayo da Bita



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda za a koyar da jefa ƙuri'a a darasin ilmin zaman ɗan ƙasa. Zan tsaya a kan darasi guda ɗaya tak, na aji guda, in bi shi daki-daki tun daga shiri har zuwa tashi. Hanyar da zan bi kuwa ita ce wasan kwaikwayo, watau a mayar da aji rumfar zaɓe, yara su yi zaɓen da hannunsu, sa'an nan a zauna a yi bitar abin da ya gudana bisa tsari. Maganar da nake so ku tafi da ita gida ita ce wannan: wasan yana tara wa malami kayan aiki ne kawai, amma darasin kansa a wurin bita yake. Malamin da ya yi wasa ya tashi aji bai yi bita ba, ya yi tashe ne a watan da ba na azumi ba.

Dalilin bin wannan hanya

Kowane ɗalibin sakandare yana iya haddace cewa ɗan Nijeriya da ya kai shekara 18 yana da ikon yin zaɓe, kuma ana jefa ƙuri'a a asirce. Zai rubuta haka a jarrabawa ya ci maki. Amma a tambaye shi me ya sa aka ce a asirce, ko kuwa me zai yi idan ya ɓata takardarsa kafin ya jefa, ko kuma yaya za a gane an yi aringizon ƙuri'a a rumfarsu, sai a ji shiru. Dalili kuwa shi ne zaɓe aiki ne da ake yi da ƙafa da hannu da ido, a cikin mutane, wani yana kallon wani, ga zafin rana ga dogon layi. Irin wannan sani ba ya shiga ta kunne kaɗai. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Amma fa gani ma yakan ruɗi mutum. Yaron da ya shiga wasan zaɓe, aka ba shi alewa ya zaɓi wanda aka ce masa, wanda ya zaɓa kuma ya ci, aka yi tafi aka watse, to, ya koyi darasi ƙwarai, sai dai ba wanda malami ya nufa ba. Masana harkar koyarwa sun daɗe da lura da haka. A shekarar 1967, Fannie Shaftel da George Shaftel, a ƙasar Amirka, sun tsara matakan koyarwa ta wasan kwaikwayo, kuma a tsarin nasu wasan mataki ɗaya ne kurum daga cikin matakai. Bayansa akwai tattaunawa, da sake wasan, da fito da ƙa'ida daga abin da aka gani. Wannan shi ne ginshiƙin abin da zan bayyana.

Shirin darasi

Mu ƙaddara muna da aji na ɗalibai 40 a babbar sakandare, an ba mu darasi biyu a jere, watau minti 80. Sai a raba lokacin kamar haka: minti 10 na bayani da rabon ayyuka, minti 25 na jefa ƙuri'a, minti 10 na ƙirga, minti 30 na bita, sauran minti 5 na rubutu. Malami ya rubuta wannan rabo a gefen allo, ya kuma riƙe agogo, domin wasa yana da daɗi, kuma lokacin bita yakan cinye.

Daga cikin 40 ɗin nan, goma su ne masu aiki. Huɗu malaman zaɓe ne, watau shugaban rumfa da mataimakansa uku, kamar yadda Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta tsara a babban zaɓen 2023. Uku wakilan jam'iyyu ne. Ɗaya ɗan sanda, ɗaya ɗan kallo mai sa ido wanda aikinsa rubuta duk abin da ya gani, ɗaya kuma mai sayen ƙuri'a, wanda malami ne kaɗai ya san shi. Sauran 30 su ne masu zaɓe.

Jam'iyyu uku za a yi, a ba su sunayen da ba su yi kama da na kowace jam'iyya ta gaskiya ba, ko a suna ko a alama ko a launi. Sunayen itatuwa sun wadatar: Kuka, Gawo, Tsamiya. Amma wanda yake koyarwa a Kano kada ya ce Rimi, don kuwa iyayen yaran ba itace za su ji ba. Kowace jam'iyya ta tsaya a kan wani abu ƙarami da ya shafi ajin da gaske. Alal misali, Kuka ta ce a sayi ƙwallo da ɗan kuɗin aji, Gawo ta ce a sayi randa da moɗa, Tsamiya ta ce a gyara tagar da ta karye. Idan ba abin da yara za su samu ko su rasa, za su dangwala ne a inda suka ga dama, bita kuma ta rasa abin kamawa.

Kayan aiki ba su da tsada. Ana bukatar kwali mai rufi a matsayin akwati, da tebur biyu da aka kange da kwali a kusurwar aji don dangwalawa, da tawada irin ta hatimi, da ɗan katin zaɓe na takarda ga kowane mai zaɓe. Sai rajista mai suna 32, da takardun ƙuri'a 32 daidai, masu ɗauke da alamun jam'iyyun uku. A lura da wannan adadi, domin a kansa rabin darasin zai tsaya. A cikin sunaye 32 ɗin, 29 na waɗanda za su shiga layi ne, uku kuma na mutanen da ba za su zo ba. Ke nan akwai ɗalibi guda a layi wanda da gangan ba a sa sunansa ba.

Abu na ƙarshe a shiri shi ne takardun sirri. Malami zai ba kowane mai zaɓe 'yar takarda a naɗe. Yawancinsu ba abin da aka rubuta sai “Ka zaɓi abin da kake so.” Amma kaɗan daga ciki suna ɗauke da umurni na musamman. Wani an ce ya ɓoye katinsa ya ce ya manto shi a gida, ya roƙi arziki. Wata an ce ta zama tsohuwa mai dogara sanda. Wani makaho ne, da ɗan jagoransa. Wani an ce ya ɗiga wa takardarsa tawada kafin ya jefa, ya koma ya nemi wata. Mutum uku an ce su ɓata ƙuri'arsu su jefa a haka: ɗaya ya dangwala wa jam'iyya biyu, ɗaya ya jefa ba dangwale, ɗaya ya rubuta sunansa a jiki. Mai sayen ƙuri'a kuwa an ba shi alewa huɗu, aka ce ya nemi mutum huɗu a layi ya saya wa Kuka. Waɗanda zai tara ba a gaya musu abin da za su yi ba. An bar su da zuciyarsu.

Yadda wasan zai gudana

Shugaban rumfa zai fara da ɗaga akwati ya nuna wa kowa cewa ba kome a ciki, sa'an nan ya rufe shi a gaban wakilan jam'iyyu, ya ajiye a fili inda kowa yake gani. Mai zaɓe ya zo wurin mataimaki na farko ya nuna kati, a duba fuskarsa a tabbatar shi ne. A zaɓen 2023 wannan aiki da na'urar BVAS aka yi shi, wadda take duba zanen yatsa ko fuska, amma a aji ido ya isa. Mataimaki na biyu ya nemo sunan a rajista, ya yi masa alama, ya shafa wa mai zaɓe tawada a gindin farce. Shugaban rumfa ya buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a, ya sa hannu da kwanan wata, ya miƙa. Mai zaɓe ya shiga kange shi kaɗai, ya dangwala, ya naɗe takardar, ya fito ya jefa a akwati a idon jama'a. Mataimaki na uku yana kula da layi. Asirin yana wurin dangwalawa, jefawa kuwa a bainar jama'a ake yi.

A nan akwai ƙa'ida guda da takan yi wa malamai wuya: da zarar an buɗe rumfa, malami ya koma bayan aji ya kama bakinsa. Idan mai cewa ya manta kati ya yi ta magiya, shugaban rumfa ya waiwayo yana neman agaji, malami ya kau da kai. Idan an bar tsohuwa a ƙarshen layi ba wanda ya shigar da ita gaba, ya rubuta a takardarsa ya yi shiru. Idan wakilin jam'iyya ya ce shi zai raka makaho cikin kange, kada ya hana. Kuskuren da aka gyara tun ana cikin wasa ya ɓace ke nan, wanda aka bari kuwa ya zama abin tattaunawa. Ba a tsayar da wasa sai in an zo ga zagi na gaske ko ɗaga hannu.

Da an gama jefawa, shugaban rumfa ya soke takardun da suka rage, ya ƙirga su, sa'an nan ya juye akwati a kan tebur, ya ware ƙuri'u jam'iyya-jam'iyya, waɗanda ake tantama a kansu ya ɗaga ya nuna wa wakilai ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙirga da babbar murya, ya rubuta sakamako a takarda, ya sa hannu, wakilai su sa hannu, a ba kowa kwafi, a liƙa ɗaya a bango. Takardar da ake rubuta sakamakon rumfa a kanta a zaɓen gaske ita ce ake kira EC8A, kuma yana da kyau yara su san sunanta.

Mu ƙaddara ga abin da ya fito. An hana mutum biyu, watau marar kati da wanda ba sunansa a rajista, saboda haka an tantance 28. Takarda ɗaya ta ɓaci a hannu an musanya ta. Takardu uku sun rage. A cikin akwati an sami 28. Daga ciki an ƙi uku, 25 suna da kyau: Kuka 10, Gawo 9, Tsamiya 6. Kuka ta ci da ƙuri'a ɗaya.

Bita

Kafin a ce kome, sai an fitar da yara daga cikin wasan. A mayar da tebura yadda suke, kowa ya cire takardar muƙamin da ya rataya a wuya ya ajiye a gaban malami, malami ya ce, “An rufe rumfa. Yanzu ba ɗan sanda, ba wakili, ba makaho. Kowa ya koma sunansa.” Sa'an nan ya bayyana cewa akwai waɗanda shi ya umurce su su yi abin da suka yi, har da mai rabon alewa. Wannan ba ya cin fiye da minti biyu, amma in aka tsallake shi, sai a ga an bi yaro har filin wasa ana kiransa ɓarawon akwati, sunan kuma ya bi shi har ya bar makarantar. Daga nan duk mai magana zai ce “shugaban rumfa ya yi kaza”, kada ya ambaci sunan ɗan'uwansa.

Bitar kanta mataki huɗu ce, kuma a jere suke, ba a gabatar da na baya.

Mataki na farko shi ne tambayar me ya faru, a ba shi minti shida. Ɗan kallo ya tashi ya karanta abin da ya rubuta, sauran su ƙara. Sharaɗin wannan mataki shi ne ba a yanke hukunci. Idan yaro ya ce, “Malam, an yi maguɗi,” malami ya ce, “Me ka gani da idonka?” Sai ya ce, “Na ga wani ya fito daga kange ya buɗe takardarsa, ya juya ta wajen taga kafin ya jefa.” To, wannan ita ce shaida, ita za a rubuta a allo. Rarrabe abin da aka gani da abin da ake zato shi kansa babban darasi ne, domin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ma shaida take nema, ba ta karɓar “kowa ya sani”.

A wannan mataki ne kuma ake yin lissafin takardu, yara su yi shi da kansu a allo. An kawo takarda 32. Ina suka shiga? Akwati 28, ɓatacciya ɗaya, ragowa uku, jimla 32, ba wadda ta ɓace. An tantance mutum nawa? 28. Ƙuri'a nawa a akwati? 28. Masu kyau 25 da waɗanda aka ƙi uku, 28 ke nan. Lissafi ya daidaita ta kowace fuska. A nan ne ɗalibi zai gane bambancin ɓatacciyar takarda da ƙuri'ar da aka ƙi. Ta farko ba ta shiga akwati ba, mai ita ya mayar an ba shi wata, bai yi asarar kome ba. Ta biyu ta shiga akwati, mai ita ya bi layi, ya sha rana, ya koma gida da tawada a farce, amma ba wanda ya zaɓa.

Mataki na biyu shi ne tambayar me ya sa, a ba shi minti takwas. Yanzu ake jin ta bakin masu wasan. A tambayi shugaban rumfa yadda ya ji da abokinsa yake roƙonsa ya bar shi ya yi zaɓe ba kati. A tambayi wanda ba a ga sunansa ba yadda ya ji da aka ce ya koma. A tambayi makaho ko ya tabbata abin da ya ce a dangwala masa shi aka dangwala. Sa'an nan a zo kan mutum huɗun da aka tara da alewa. Malami ba ya tilasta wa kowa ya faɗi abin da ya zaɓa, ko da a wasa ne. Abin da zai tambaya shi ne, “Da aka miƙo maka, me ka yi?” Mu ƙaddara na farko ya ce ya ƙi karɓa. Na biyu ya ce ya karɓa, ya kuma nuna takardarsa ta taga, don haka aka yi da shi. Na uku ya yi dariya ya ce ya sha alewa ya zaɓi abin da yake so. Ta huɗu ta ce ta karɓa, ba wanda ya ga takardarta, amma duk da haka ta zaɓi Kuka, don ta ji kunyar ta ci kayan mutum ta saɓa masa.

Wannan amsa ta huɗu ita ce mafi daraja a darasin duka, kuma malami ya yi hattara kada aji ya yi mata dariya. Yarinyar nan tarbiyyar gida ta bi. An koya mata cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Masu sayen ƙuri'a sun san da wannan kunya, da ita suke ciniki a inda idonsu ba ya kaiwa, wani lokaci har su haɗa da rantsuwa. Tambayar da za a jefa wa aji ita ce: ƙuri'ar nan da ta sayar, tata ce ita kaɗai? Randar da Gawo ta yi alkawari, ita kaɗai za ta sha ruwanta? Malami ya bar su su yi gardama, kada ya yi saurin rufe maganar da wa'azi.

Mataki na uku shi ne haɗa wasan da doka da tarihi, a ba shi minti takwas. A nan kaɗai malami zai yi magana mai ɗan tsawo, kuma kowace ƙa'ida ya ɗaura ta a jikin abin da aka rubuta a allo. Wanda ya nuna takardarsa ta taga ya karya ƙa'idar asiri, kuma irin wannan ciniki na “nuna a biya ka” shi ya sa Hukumar Zaɓe ta hana shiga kange da wayar hannu tun daga zaɓen gwamnan Jihar Osun na 2018. A Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, mai ba da cin hanci da mai karɓa duka masu laifi ne. Saboda haka na uku, wanda ya sha alewa ya zaɓi son ransa, kada aji ya ɗauke shi gwani. Makaho yana da ikon ya zo da wanda ya amince da shi ya taimaka masa, wakilin jam'iyya ba shi da hurumin cusa kansa. Tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassu ana gabatar da su a layi.

Daga nan a koma kan adadi. Kuka ta ci da ƙuri'a 10 daga cikin masu rajista 32, ko sulusi ba ta kai ba. Tazararta ƙuri'a ɗaya ce, alhali an ƙi ƙuri'a uku, mutum huɗu masu rajista ba su yi zaɓe ba, biyu kuma daga cikin goman nata da alewa aka same su. A cire biyun nan, Kuka ta koma takwas, Gawo ta ci. Yaro zai ce wannan ai wasan aji ne. To, sai a nuna masa na ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, wanda aka ayyana kuma ya sami ƙuri'a 8,794,726. Ko kashi ɗaya cikin goma na masu rajista bai cika ba.

Mataki na huɗu shi ne tambayar da a ce, a ba shi minti shida. Tambaya biyu sun isa. Ta farko: da a ce wani ya ɗauki takardu ukun da suka rage, ya dangwala, ya tura a akwati, yaya za a gane? Yara su lissafa. Akwati zai zama 31, waɗanda aka tantance 28. A Dokar Zaɓe ta 2010, ana cewa an yi aringizo ne idan ƙuri'u sun wuce yawan masu rajista. A wannan ma'auni 31 ba ta wuce 32 ba, maguɗin ya sha ke nan. Dokar 2022 ta mayar da ma'aunin kan yawan waɗanda aka tantance, saboda haka 31 ta wuce 28, a soke sakamakon rumfar. Da wannan ɗan lissafi ɗalibi zai fahimci dalilin da ya sa ake ta jayayya a kan na'urar tantancewa.

Tambaya ta biyu: da a ce ba kange, an ce kowa ya tashi ya tsaya a bayan alamar jam'iyyarsa a ƙirga kawuna, me zai faru da mutum huɗun nan? An yi irin wannan zaɓe na bin layi a ƙasar nan, a zaɓen ƙananan hukumomi na 1990 da na gwamnoni na 1991. Masu goyon bayansa sun ce yana hana cusa ƙuri'u a akwati, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amma yara za su gane da kansu cewa a layi mai saye ba ya bukatar taga, kuma ɗan haya ba zai iya tsayawa a layin da maigidansa ba ya so ba. Kowane tsari akwai ɓarnar da yake toshewa da wadda yake buɗe wa ƙofa.

A minti biyar na ƙarshe, kowane ɗalibi ya rubuta amsar tambaya biyu a takarda: wace ƙa'ida guda ce ta rumfar zaɓe ka gane dalilinta yau, kuma me za ka duba a takardar sakamako idan an liƙa ta a rumfar unguwarku? Malami ya karɓa ya tafi da su. Mako mai zuwa a sake zaɓen, ba takardun sirri, ba alewa, da waɗansu sababbin malaman zaɓe, kuma abin da ya ci a wannan karo shi za a saya da kuɗin aji. Wajibi ne malami ya cika wannan alkawari. In ya saɓa, ya koya musu da aikinsa cewa ƙuri'a ba ta da amfani.

Inda darasin yakan lalace

Lalacewa ta farko ita ce a kaɗa ƙararrawa ana tsakiyar ƙirga. Maganinta shi ne malami ya rufe layi a kan lokaci ko da saura mutane, ya gaya wa aji cewa a zaɓen 2023 duk wanda yake kan layi da ƙarfe biyu da rabi na rana ana barinsa ya jefa, shi kuwa lokaci ne ya matsa masa. Ta biyu ita ce bita ta koma lacca. Alamarta ita ce malami ya ji muryarsa kaɗai yake ji a mataki na farko da na biyu, inda ya kamata yara su fi shi magana nesa ba kusa ba. Ta uku ita ce siyasar waje ta shigo aji. Da zarar an ji yaro ya ce “Kuka ai su wane ne,” sai a tsayar da shi nan take, domin malami ma'aikacin hukuma ne, kuma iyayen yaran ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Ta huɗu ita ce a ba shugaban aji da manyan yara maza dukan muƙamai. A raba aiki da ƙuri'a, a kuma tabbata akwai 'yan mata a cikin malaman zaɓe. A zaɓen 1959 mata ba su jefa ƙuri'a a Jihar Arewa ba, sai a 1979 suka shiga babban zaɓe na ƙasa karo na farko. Yarinyar da ta buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a tana yin abin da kakar kakarta ko layinsa ba a bari ta shiga ba.

Lalacewa ta biyar ta fi sauran ɓoyuwa, ita ce yara su tashi da ra'ayin cewa zaɓe duk cuta ne. Ana gane ta a takardun da suka rubuta. Idan yawancinsu sun ce “na gane ana sayen ƙuri'a”, to, an tsaya a mataki na biyu. Idan kuwa suka ce “zan duba ko yawan ƙuri'u ya yi daidai da yawan waɗanda aka tantance”, darasi ya kai inda aka nufa. Saboda wannan ne ba a cika wasan da maguɗi iri-iri. Mai saye ɗaya ya isa.

Kammalawa

Ya kamata in faɗi iyakar wannan darasi. Rumfa guda yake nunawa. Bai taɓa zaɓen fid da gwani ba, bai taɓa tattara sakamako daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha ba, inda sau da yawa rigima ta fi tsanani. Ba ya kuma iya kawo tsoro na gaske ko talauci na gaske cikin aji, kuma alewa ba ta yi nauyin kuɗin cefane a hannun wanda ya kwana da yunwa ba. Har wa yau, dokar zaɓe da ƙa'idojin Hukumar Zaɓe suna sauyawa, saboda haka malami ya nemi na shekarar da yake koyarwa kafin ya shiga aji, kada ya dogara da abin da ya gani a zaɓen da ya wuce.

Ga ma'aikatan ilmi da suke cikin wannan zaure, roƙona ɗaya ne. Idan kun je duba makaranta kuka tarar ana irin wannan darasi, kada ku auna shi da kyan akwati ko yawan tafi. Ku zauna har a rufe rumfa, ku duba agogo ku ga minti nawa aka bar wa bita, sa'an nan ku karɓi takardun yaran ku karanta. Ɗalibin da yake aji biyar na sakandare yau, nan da shekara biyu ko uku shi ne a layi, wataƙila kuma bayan ya gama jami'a shi ne ɗan bautar ƙasar da za a damƙa wa akwati da hatimi. Ba a fafe gora ranar tafiya.